Tatsuniyar da Ƙanena Ya Zo da Ita Daga Italiya

Malamai da ɗalibai, 'yan'uwana, akwai wata tatsuniya da wasunku suka ji ina yi wa yara sa'ad da muka fita gwajin koyarwa, har na ji an ce an laƙaba mini suna Malam Na-ƙi a ɓoye. To, na ji, ban kuwa yi fushi ba. Da yawa sun tambaye ni inda na samo ta, don ba su taɓa jinta a bakin kakanninsu ba. Gaskiyarsu. Daga ƙasar Italiya ta fito, ni da ƙanena muka juya ta zuwa Hausa a ƙarshen shekarar 2022. Zan ba ku labarin yadda muka yi, da inda na kuskure, don na san a cikinku akwai waɗanda wata rana za a ɗora musu irin wannan aiki.

Mu mutanen Nguru ne, aiki ne ya kawo ni Gashuwa. Ƙanen nan nawa ya fita neman arziki a 2006, Allah ya sauke shi a wani gari kusa da birnin Firenze, ya sami aiki a majemar fata. Ya kama ɗaki a gidan wata tsohuwa mai riƙon jikanta. Kullum dare ya kan jiyo ta bayan bango tana yi wa yaron nan tatsuniya guda ɗaya, ba ta canzawa. Ya ce mini wannan tatsuniya ita ce magana mai tsawo ta farko da ya fahimta a bakin Italiya, domin kowace jimla sai ta dawo, ta sake dawowa, har ta zauna masa. Daga baya ya roƙi tsohuwar ta faɗa masa sannu-sannu, ya rubuta a littafin rubutu na 'yan makaranta. Da ya komo gida a 2017 ya zauna kusa da ni a Gashuwa, littafin kuwa yana cikin jakarsa.

A watan Nuwamba na 2022 ciwon ƙoda, wanda ya daɗe yana addabar mutanen ƙasar Bade, ya kayar da shi. Aka kwantar da shi a asibiti a Nguru, matarsa ta bi shi jinya, 'ya'yansa uku suka dawo gidana: babbar 'yar shekara 9, namijin ɗan shekara 6, da auta 'yar shekara 4. Da rana ba su da damuwa. Amma da an yi sallar lisha an shimfiɗa musu, sai auta ta fara kuka, sauran biyun su yi zuru, ido biyu har tsakar dare. Uwargidana ta yi musu Gizo da Ƙoƙi har ta ƙare abin da ta sani. Kowace Asabar na kan shiga mota in bi ta Jajimaji in je duba shi. Da na gaya masa halin da yaran ke ciki, sai ya ce, "Yaya, buɗe jakar nan, akwai wani tsohon littafi. Ka kai musu wannan, ka ce ni na aiko."

Ga gundarin labarin. Wani mutum ya kwanta ciwo, aka ce a yi masa miyar kabeji. Uwa ta aiki ɗanta ya samo, yaro ya ƙi. Ta kira sanda ta buge shi, sanda ta ƙi. Ta kira wuta a kan sanda, ruwa a kan wuta, sa a kan ruwa, igiya a kan sa, ɓera a kan igiya, kowa ya ƙi. Sai da ta zo kan kyanwa, ita kam ba a roƙonta cin ɓera. Da kyanwa ta yarda sai tsoro ya bi layi ya koma baya, kowa ya yarda, har yaro ya tashi ya nufi lambu. Ni ba na jin bakin Italiya. Shi ya riƙa karantawa yana ba ni ma'anar kalma ɗaya-ɗaya, ni kuwa ina rubutawa a gefen gado.

Na komo gida na zauna na tsara ta da Hausar da na ke taƙama da ita. Kun san halinmu na malamai. Shekara da shekaru ina jan layi da jan biro a ƙarƙashin duk kalmar da ɗalibi ya maimaita, ina rubuta masa "nemi wata kalma". Saboda haka na ga bai kamata in ce "ya ƙi" sau bakwai ba. Ga kaɗan daga abin da na rubuta:

"Uwar ta nemi sanda ta hukunta shi, amma sanda ba ta yarda ba. Daga nan ta garzaya wurin wuta, ita ma ta noƙe. Ruwa kuwa ko kallo ba ta ishe shi ba. Haka dai ta yi ta bi, har ta dangana da kyanwa."

Da dare na tara su na karanta. Ko minti biyu ban yi ba na gama. Suka dube ni, na dube su. Can namijin ya ce, "Baffa, shi ke nan?" Auta kuwa ta ci gaba da kukanta.

Da Asabar ta zagayo na karanta wa ƙanena. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Yaya, ai labarin ka kai musu, tatsuniyar kuwa ka bar ta a nan." Sa'an nan ya ɗauki littafin ya karanta ta duka da bakin Italiya, da irin muryar tsohuwar. Na lura duk sa'ad da uwar ta kira wani sabo, sai ta lissafa masa laifin kowa tun daga na kusa har zuwa kan yaron, ba ta tsallake ko ɗaya, ba ta sāke ko kalma. Wani dattijo da ke gadon kusa, wanda bai taɓa jin harshen nan ba, kafin a kai zagaye na biyar ya fara gyaɗa kai yana kama wutsiyar jimlar tare da shi. Nan na gane abin da na zubar. Yaro yana jin daɗin irin wannan tatsuniya ne don ya san abin da ke zuwa, yana jiran ya iso ya faɗa tare da kai. In ka sāke kalma don ado, ka ƙwace masa rabonsa. Muka yi shawara mu sake aikin tun daga farko, bisa sharaɗi guda: abin da tsohuwa ta faɗa sau takwas, mu ma sau takwas za mu faɗa, da kalmomi iri ɗaya.

Muka fara da sunan yaron. A can sunansa Petruzzo, su kan faɗe shi kamar Feturuttso. Asalinsa shi ne sunan da Kiristocinmu ke cewa Bitrus, wutsiyar nan ta "uttso" kuwa ta ƙanƙantawa ce, kamar yadda mu mu kan sa "ɗan" ko "'yar" a gaban suna. Kabeji a bakinsu kabolo ne, amma a tatsuniyar an liƙa masa wannan wutsiya shi ma, ya zama kaboluttso, don ya yi amo ɗaya da sunan yaron. Hausa ba ta ba mu wannan hanya ba. In na ce Ɗan Bitrus, kowa zai ɗauka Bitrus uban ne. In na bar Feturuttso, bakin auta ba zai iya ba, amon kuma ya tafi. Sai muka koma neman amo a wani wuri, watau tsakanin sunan yaro da aikin da aka sa shi. Kabeji ba a tsinkarsa kamar yakuwa, yankowa a ke yi. Da na faɗi "yanko" sai ƙanena ya ce, "Tanko!" Jimlar farko ta tsaya ke nan:

"Tanko, Tanko, je ka yanko kabeji, baba ba lafiya."

Tanko ya ce, "Na ƙi."

Kun ga mun sauya sunan yaro, ba mu ji mun ci amana ba. Kabeji kuwa muka bar shi, don yaran sun san shi, ana sayar da shi a kasuwa da sanyi.

Abin da ya fi cin mana lokaci shi ne kalmomin aiki. A bakin Italiya, in za a ce wane ya ƙi yin abu kaza, kalmar aikin da ke biyowa ta kan ƙare da "re": burucare ƙonawa, bere sha, legare ɗaurewa, manjare ci. Saboda haka duk tsawon jerin kunne yana jin "re, re, re", kamar ana kaɗa ƙwarya. Da na sa kalmomin da suka fara zo mini, sai jerin ya yi ta tuntuɓe. Uwa ta ce wa sanda "ki doki Tanko", amma a zagaye na gaba sai ya zama "ta ƙi dukan Tanko". Ta ce "ka sha ruwa", ya koma "ya ƙi shan ruwa". Ta ce "ka gaigayi igiya", ya koma "ya ƙi gaigayar igiya". Yaro ya kama kalma a siffa ɗaya, da ta dawo sai ya tarar ta sāke riga. Na duba na ga guda biyu ne kaɗai ba su ba ni wahala ba, "kashe wuta" da "ɗaure sa". Ko umurni aka yi da su, ko "ya ƙi" suka biyo, siffarsu ɗaya. Dukansu kuwa da "e" suka ƙare.

To, ashe kusan kowace kalmar aiki a Hausa tana da 'yar'uwa mai ƙarewa da "e", wadda ke nuna an yi abin gaba ɗaya ba saura. Sha tana da shanye, ci tana da cinye, ƙona tana da ƙone, gaigaya tana da gaigaye. Muka bi su ɗaya-ɗaya muka musanya. Ma'anar ma ta ƙara kyau, don barazanar a shanye ruwa ta fi ta a sha shi. A wuri guda muka cije. 'Yar'uwar doka ita ce doke, amma in aka ce an doke mutum, kayarwa a ke nufi ko rinjaye. Muka ɗauki zane. Na san zane ya fi dacewa da tsumagiya ko bulala, wani malamin Hausa ma ya yi mini wannan gyara, na kuma yarda da shi. Amma na gwammace in ci wannan 'yar tara da in ɓata jerin. Yanzu muna da bakwai masu amo ɗaya: zane, ƙone, kashe, shanye, ɗaure, gaigaye, cinye. Sa kuma muka mai da shi bijimi, domin "ta ƙi ɗaure sa" in an faɗa da sauri sai a zaci "ɗaure shi" a ke nufi, a rasa wa za a ɗaure.

Saura abin da zai haɗa gaɓa da gaɓa. A littafin ƙanena akwai wata 'yar kalma da ke riƙe da kowace gaɓa, ya ce mini ma'anarta "domin". Na sa domin. Sai ga abin da ya fito: "ɓera ya ƙi gaigaye igiya domin igiya ta ƙi ɗaure bijimi." Ku sake karantawa. A Hausa wannan yana nufin ƙin da igiya ta yi shi ne dalilin ƙin ɓera, kamar yana goyon bayanta. Alhali kuwa uwar tana faɗin laifin igiya ne, wanda ya sa ta cancanci a gaigaye ta. Na gwada wanda da wadda: "ɓera wanda ya ƙi gaigaye igiya wadda ta ƙi ɗaure bijimi wanda ya ƙi shanye ruwa." Ma'ana ta daidaita, amma abin ya zama kamar takardar ƙara a gaban alƙali. Ina ta maimaitawa a tsakar gida, uwargidana tana wanke-wanke, sai ta ce, "Malam, me ya sa ba za ka sake kiran sunan ba kawai? Igiya, igiya. Ai haka a ke tatsuniya." Na gwada, sai ga shi ya zauna daram. Kalmar da ta rufe gaɓa ita ce ke buɗe ta gaba, ba a bukatar kome a tsakani. Ga zagaye na ƙarshe, wanda ya fi kowanne tsawo:

"Kyanwa, kyanwa, zo ki cinye ɓera,
ɓera ya ƙi gaigaye igiya,
igiya ta ƙi ɗaure bijimi,
bijimi ya ƙi shanye ruwa,
ruwa ya ƙi kashe wuta,
wuta ta ƙi ƙone sanda,
sanda ta ƙi zane Tanko,
Tanko ya ƙi yanko kabeji,
baba ba lafiya."

Ku ƙirga ku gani. Kowace gaɓa ta tsakiya kalma 5 ce: suna, ya ko ta, ƙi, aiki, suna. Zagayen nan duka kalma 44 ne, babba yana iya faɗinsa da numfashi ɗaya in ya cika ƙirjinsa. Kiran sanda yana da gaɓa 1, na wuta 2, na ruwa 3, har zuwa na kyanwa mai 7, jimla gaɓa 28. A juyina na farko duk 28 ɗin nan na dunƙule su cikin "haka dai ta yi ta bi".

Akwai wuri guda da Hausa ta ƙi bin tsohuwar, ba kuwa yadda muka iya. Su "ya ƙi" da "ta ƙi" duk abu ɗaya su ke cewa, non buwole, ko namiji ko mace. Mu kuwa tilas mu bambanta. In kun bi jerin daga ɓera zuwa Tanko za ku ji ya, ta, ya, ya, ta, ta, ya. Na so in daidaita su. Na ce in mai da bijimi saniya, amma ruwa da ɓera da Tanko ba su da yadda za su zama mata. Ƙanena da kansa ya riƙa tuntuɓe a nan, don a can wuta namiji ce, ruwa kuwa mace, ya kan ce har yanzu kansa bai gama dawowa gida ba. Muka haƙura muka bar ya da ta yadda Hausa ta so. Abin da ya rage bai motsa ba, watau "ƙi" a tsakiya da "e" a bayanta, shi ya riƙe amon.

A daren da na kai musu wannan sabon juyi na buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku", don su can ba su da buɗewar da a ke amsawa, yaranmu kuwa ba su san an fara tatsuniya ba sai sun ce "Ta zo mu ji ta". Sanda ta ce "Na ƙi", suka yi shiru. Wuta ta ce "Na ƙi", babbar ta yi murmushi. Da na kira ruwa na yi ɗan jinkiri, sai namijin ya riga ni, ya ce, "Na ƙi!" Daga nan ba ni na ƙara faɗinta ba. Auta ta daina kuka don ta sami zarafin yin nata "Na ƙi", ita ce ma ta fi kowa ƙara. Daga baya na koyi in riƙa sassauta murya ina rage sauri a kowane zagaye. In na yi haka, da wuya auta ta kai igiya ido biyu.

Kuskure na biyu sai a aji ya bayyana. Bayan kyanwa ta yarda, kowa sai ya amsa bi da bi. Ni a bakina na kan ce, "Kyanwa ta ce, to, na cinye," da "na" ɗin nan mai faɗuwar murya, ta alkawari, irin ta "na zo gobe in Allah ya so". Haka na rubuta a takarda na ba wata ɗalibarmu ta karanta wa 'yan aji biyu a wata firamare a nan Gashuwa. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti, saboda haka ta karanta da "na" ta abin da ya riga ya faru. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, in kyanwa ta cinye ɓera, wa zai gaigaye igiya?" Ajin ya kaure da gardama. Yaron nan ya fi ni gaskiya, laifin kuwa nawa ne, ba na mai karatu ba. A tatsuniyar nan ba wanda aka ci, ba wanda aka ƙone, Tanko ma ba a taɓa shi ba. Kowa niyya kawai ya yi, na gabansa ya tsorata. Shi ya sa ta dace da lokacin barci. Na gyara na sa "zan", wadda ba ta da fuska biyu:

Kyanwa ta ce, "To, zan cinye!" Ɓera ya ce, "To, zan gaigaye!" Igiya ta ce, "To, zan ɗaure!" Bijimi ya ce, "To, zan shanye!" Ruwa ya ce, "To, zan kashe!" Wuta ta ce, "To, zan ƙone!" Sanda ta ce, "To, zan zane!" Tanko ya ce, "To, zan yanko!"

A wannan aji kuma na ga amfanin ya da ta ɗin da na so in kawar. Yaran da suka tashi da Manganci a gida, harshen da ba ya raba namiji da mace a irin wannan wuri, su kan ce "sanda ya ƙi". Ba wanda ya tsawata musu. Sauran yara suna faɗin "sanda ta ƙi" sau 6 a kowace tatsuniya, cikin 'yan kwanaki bakinsu ya bi. Waɗanda kuma aka koya wa cewa duk sunan da ya ƙare da "a" mace ne, ga ruwa da ɓera nan suna nuna musu ba kullum ba.

Daga baya na bincika na tarar tatsuniyar tsohuwa ce ƙwarai. Wani masani, Vittorio Imbriani, ya tattara tatsuniyoyin Firenze daga bakin mutane, aka fara buga littafinsa a 1871, aka faɗaɗa shi a 1877, Petruzzo yana cikin abin da ya tara. Wani likita na Palermo, Giuseppe Pitrè, ya buga irinta ta tsibirin Sisili a 1875. A tasa yarinya ce ta ƙi share gida, an kuma ƙara kerkeci da kare a jerin. Watau su kansu masu ita suna sauya yaron da aikin da aka sa shi, amma jerin nan mai ƙaruwa ba mai taɓa shi. Wannan ya kwantar mini da rai game da Tanko. Mu ma ai muna da irin wannan gini, kamar tatsuniyar da Gizo ya gayyato dabbobi bi da bi, kowanne ya zo ya tarar da wanda ya fi shi ƙarfi yana tafe.

Na bar magana guda har ƙarshe, don ita ta fi yi mini nauyi. Kun ga yadda kowane zagaye ke rufewa: "baba ba lafiya." Sau 8 a ke faɗinta. Waɗanda zan faɗa wa kuwa ubansu yana kwance a Nguru. Tun a juyi na biyu na so in cire ta, ko in faɗe ta sau ɗaya a farko in wuce, ko in mai da marar lafiyar kaka. Uwargidana ma ta ce kada in fama musu ciwo. Na gaya wa ƙanena. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Yaya, ai sun sani. Ku ne ba ku bari su faɗa. Ka bar ta." Na bar ta ba da son raina ba. A daren farko na faɗe ta ƙasa-ƙasa. Kafin mako ya zagayo su ke faɗinta, su uku, baki ɗaya, ba kuka. Na lura babbar ta kan riƙe hannun auta in an zo wurin. A gidan nan manya kullum "yana samun sauƙi" mu ke ce musu. Wannan ne kaɗai wurin da aka bar su suka faɗi abin da ke ransu da bakinsu.

Wata rana bayan na ce ƙurunƙus kan kusu, suka yi dariyar da suka saba, don sun ce ai kusun nan ya tsira da kansa, sai namijin ya ce, "Baffa, da Tanko ya yanko kabejin, baban ya warke?" A littafin ƙanena tatsuniyar ta tsaya ne a inda yaro ya tashi ya nufi lambu. Kalma uku kawai zan ƙara, in ce baba ya warke, yaro ya yi barci da murna. Na ce masa sai na tambayo. Ƙanena ya ce tsohuwar ba ta taɓa faɗa ba, don kafin a kai nan jikanta ya yi barci. Ya ce, "Kada ka yi musu alkawarin da ba naka ba ne. Ka bar ta inda ta tsaya." Na dawo na ce wa yaron tatsuniya ta tsaya a ƙofar lambu, sauran yana wurin Allah. Ya gyaɗa kai, bai ƙara tambaya ba.

Allah ya yi wa ƙanena rasuwa a watan Fabrairu na 2023. Na ajiye tatsuniyar, na ce ba zan ƙara yinta a gidana ba. Bayan sadakar arba'in, wani dare ina alwala a bakin ɗakinsu, sai na jiyo babbar tana cewa, "Tanko, Tanko, je ka yanko kabeji." Na tsaya da buta a hannu ina jiran in ji yadda za ta yi da sauran. Ta faɗe ta yadda ta ke, auta ta amsa mata, har sau takwas, ba ta sāke ko kalma ba. Tun daga ranar na ci gaba da yinta, a gida da a aji.

Ɗalibai, in aka ba ku irin wannan tatsuniya ku juya, daga Turanci ne ko Larabci ko Badanci, ku fara ƙirga abin da ya maimaitu da sau nawa, kafin ku juya ko kalma ɗaya. Ku gyara gaɓa guda har ta zauna a baki, sa'an nan ku zuba sauran a kanta. Kada ku yarda da takarda, ku ba wani ya karanta da ƙarfi kuna saurare. Gwajin ƙarshe kuwa mai sauƙi ne. Ku tara yara ku fara, in kun kai zagaye na uku ku yi shiru a tsakiyar jimla. In suka ƙarasa muku, aikinku ya yi. In suka zuba muku ido, ku koma ku nemo abin da kuka zubar.

Littafin ƙanena yana wurina, zan ba babbar 'yarsa in ta girma. Wanda duk ya yi wa yara tatsuniyar Tanko, ina roƙonsa ya sa wanda ya kawo ta cikin addu'a. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Amin.